Fodkas: Famfo biyu cikin ƙirji guda

Hadiza: Assalamu alaikum. Muna gaishe ku daga Yamai, musamman ɗaliban shekarar farko ta karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni. Ina tare da Malam Isufu, mai koyar da aikin gaɓoɓin jiki, da ƙanenmu Sani, wanda yake ajin farko. Malam, ta ina za mu kama hanyar jini?

Malam Isufu: Mu kama ta daga gefen dama na zuciya, Hadiza. Jinin da ya gama zagaya jiki yana dawowa ta manyan jijiyoyi biyu da ake kira kaba, ta sama da ta ƙasa, ya zuba a ɗakin sama na dama. Daga nan ya bi ta ƙyauren tirikuspid zuwa ɗakin ƙasa na dama, wanda yake tura shi huhu. A can yake sauke iskar kabon ya ɗauki oksijin, cikarsa da oksijin ta tashi daga kusan kashi 75 cikin 100 zuwa 97 ko 98, sa'an nan ya dawo ta jijiyoyi huɗu zuwa ɗakin sama na hagu. Wannan shi ne ƙaramin zagaye, wanda Ibn al-Nafis ya bayyana tun ƙarni na 13, lokacin da ya musanta cewa jini yana ratsa bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu. Babban zagaye kuwa yana farawa ne sa'ad da jinin ya ƙetare ƙyauren mitiral, ɗakin ƙasa na hagu ya tura shi cikin aworta zuwa dukan jiki.

Sani: Malam, na ga naman ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kauri kusan sau uku, shi ya sa na ɗauka ya fi shi fitar da jini.

Malam Isufu: Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, Sani, kuma ina so ka gyara shi tun yau. Zagayen biyu a jere suke, abin da ya fita daga ɗaya shi ne yake shiga ɗayan, don haka dole yawan jinin ya zo daidai. Kowane gefe yana fitar da kusan mililita 70 a bugu guda, kuma idan zuciya ta buga sau 70 a minti, lissafin ya kusa lita 5. Bambancin yana wajen ƙarfin turawa. Mai garka a bakin kogin Isa ba ya buƙatar babban inji don ya kai ruwa fangalin da ke gabansa, amma wanda zai hau da ruwan har unguwannin tudu sai da inji mai ƙarfi. Awon tansiyo da kuke ji ana cewa sha biyu bisa takwas, wato milimita 120 bisa 80 na merkuri, na babban zagaye ne. A jijiyar huhu kusan 25 bisa 10 ne kawai.

Hadiza: Bari in yi lissafin da ya buɗe mini ido. Idan hagu ya gaza dama da mililita 1 tak a kowane bugu, cikin minti biyar mililita 350 sun taru a huhu, alhali jinin da huhu yake riƙewa bai wuce kusan rabin lita ba.

Sani: To, Yaya Hadiza, me yake hana hakan faruwa?

Hadiza: Dokar Frank da Starling. Idan jini ya ƙaru a ɗaki, namansa yana ƙara miƙewa, sai ya matsa da ƙarfin da ya fi na da, ya fitar da rarar a bugun da ke biye.

Malam Isufu: Ku duba abin da ke faruwa idan gyaran ya gagara. Ku ɗauki mace mai shekara 25 wadda ta sha ciwon maƙogwaro tana yarinya ba a ba ta magani ba, zazzaɓin gaɓoɓi ya biyo baya, ya ƙuntata mata ƙyauren mitiral. Faɗinsa na lafiya santimita murabba'i 4 zuwa 6 ne, nata ya koma 1. Jini ya taru a ɗakin sama na hagu, matsin ya koma baya zuwa huhu, sai ta fara haki idan ta ɗauko ruwa, da dare kuma ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matasai. Idan ta sami ciki abin yana tsananta, domin jini ya ƙaru kuma bugu ya yi sauri, lokacin cikar ɗakin ƙasa ya ragu. Sani, idan shekaru suka ja, wane ɗaki ne zai gaji?

Sani: Ɗakin ƙasa na dama, Malam, tun da naman nasa siriri ne kuma yanzu yana tura jini cikin huhun da matsinsa ya hau.

Malam Isufu: Madalla. A ina za ka nemi alamar?

Sani: A bayansa, inda jinin yake fitowa. Jijiyoyin wuya za su cika, hanta ta kumbura, ƙafafu su tara ruwa.

Hadiza: Kuma idan ka danna ƙaurinta da yatsa na ɗan lokaci ka ɗaga, za ka ga ramin ya zauna bai koma ba.