Laccar da aka yi wa matasa masu aikin bidiyo a Zinder: yadda ake mai da dogon bidiyo murya da gajeren rubutu

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da ke gaba, ƴan uwana matasa, ƴan mata da ke can baya, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri. In ba ku jin muryata ku ɗaga hannu a matso mini da mikro.

Toh, da yawanku nan kuna ɗaukar bidiyo, wa'azi ne, taron manoma ne, darasin lafiya ne, ku yi ta wahala awa guda kuna tsaye a rana, sannan ku sa a Facebook ko YouTube ku ce an gama. Amma wanda aka yi maganar dominsa, manomin da ke bayan Mirriya ko Dungas, uwar gida da hannunta ke cikin tukunya, ɗan kabu-kabu da idonsa ke kan hanya, ba su kalla ba, kuma ba za su kalla ba. Wani mega ke ba shi wuya, wani rezo ba ya kai ƙauyensu sai ya hau tudu, wani kuma wayarsa ƴar ƙarama ce mai maɓalli, abin da take iyawa shi ne ta karanta kat memuwar.

Mu yi lissafi guda ɗaya don ku ga bambancin. Bidiyon da zan yi misali da shi yau na minti 48 ne, wani malamin gona yana koyar da adana wake a buhun nan mai riɓi uku, wanda ake rubuta PICS a jikinsa, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maradi suka yi aiki a kansa sosai. Bidiyon in an fitar da shi a matsakaicin kyau, wato kilobit 1500 a sakan, nauyinsa ya kai mega 540. In ka cire hoton ka bar murya kaɗai a kilobit 32, ba ta kai mega 12 ba. Wato da megan da mutum ɗaya zai kalli bidiyon, mutum sama da 40 za su saurari muryar. Kun ga ba ƙaramin abu ba ne.

Cire muryar kuwa shi ne mafi sauƙi a duk aikin. Wanda ke da ordinata ya sa ffmpeg, kyauta ne, ya buga wannan:

```
ffmpeg -i wake.mp4 -vn -ac 1 -ar 22050 -b:a 32k wake.mp3
```

`-vn` yana nufin a zubar da hoto, `-ac 1` kuma a haɗe muryar ta zama layi ɗaya tunda magana ce ba kiɗa ba, `-b:a 32k` shi ne kilobit 32 ɗin da ke rage nauyi, `-ar 22050` kuma don muryar ta dace da wannan ƙaramin nauyin. Kuma ku tsaya a MP3 don Allah. Akwai wasu irin da suka fi shi rashin nauyi kamar Opus, amma ƙaramar waya da rediyon nan mai cin kat memuwar da tsofaffinmu ke ratayawa, yawancinsu ba su san shi ba, za ka tura mutum ya ce maka abin bai buɗe ba.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni kunnenku, domin nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Mutum ya cire murya ya tura a gurup, ya ɗauka ya gama. Wallahi bai gama ba. Malamin nan da yake magana, yana magana ne da mutanen da ke ganinsa. A minti na 19 yana cewa "ku duba nan, kun gani? in haka yake kar ku yi amfani da shi". Mai kallo ya ga ya buɗe ledar ciki ya hura mata iska ya matse yana neman huji. Mai saurare me ya ji? Ya ji "nan", ya ji "haka", ya ji ƙarar leda, shi ke nan. Can gaba kuma yana cewa "sai ka murɗe shi kamar haka ka ɗaure, wannan ma haka, wannan ma haka". Alhali duk sirrin buhun yana cikin wannan "haka" ɗin: ledoji biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, ana matse iska a fitar, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ƙwarin wake rashin iska ke kashe su, ba magani ba. Manomin da ya ji muryar kawai zai iya tattara bakin ukun ya ɗaure wuri ɗaya da igiya guda, iska ta riƙa shiga, bayan wata uku ya kwance ya tarar da gari, ya ce buhun ƙarya ne. Buhun kuwa lafiyarsa lau, mu da muka tura masa rabin darasi mu ne da laifi.

Saboda haka matakin farko, kafin ka taɓa komai, ka kife wayar ko ka juya wa ordinata baya, ka saurari abin daga farko har ƙarshe da takarda da biro. Duk inda ka ji "nan", "wannan", "haka", "kun gani", ko aka yi shiru mai tsawo ana wani aiki da hannu, ka rubuta mintin. Sai ka koma ka kalli wuraren ɗaya bayan ɗaya, ka yanke hukunci. Wani wurin ba ya buƙatar komai, maganar da ta biyo baya ta bayyana shi. Wani wurin a yanke shi gaba ɗaya, kamar inda ake jiran a kawo awo ko ana gyara kujeru. Wani wurin kuma dole ka yi masa ciko, wato ka ɗauki muryarka kana faɗin abin da ido ya gani, jimla biyu ko uku, ka saka a daidai wurin. Misali: "A nan malam ya murɗe bakin leda ta ciki kaɗai, ya lanƙwasa shi biyu, ya ɗaure da igiya, bai haɗa da ta biyu ba."

Cikon nan a yi shi da wata murya dabam da za a gane ba ta malamin ba ce, in namiji ne ya yi darasin sai ku sa ɗaya daga cikin ƙannenmu mata ta karanta, ya fi fita. Dalili shi ne amana, kar a sa wa mutum magana a baki. In kuma malamin yana kusa, ai gara ka je ka same shi ya faɗa da bakinsa. Ku ɗauka a ɗaki mai katifa da labule, a kashe fanka, waya kamar taƙi ɗaya daga baki. Haɗawar a Audacity ake yi, shi ma kyauta. Ku kula da ƙarfin murya, domin ciko na ɗaki yakan fi na fili ƙara, mai saurare ya ƙure rediyo don ya ji malam sai ciko ya zo ya fasa masa kunne. Ku daidaita su kafin ku fitar. Shi kuma `Noise Reduction` na Audacity, mai rage hayaniya, ku sa masa hannu kaɗan kaɗan, in kun ji muryar ta koma kamar mai magana a cikin tulu toh kun wuce gona da iri, ku koma baya, gara a ji ƙarar janareto daga nesa da a kasa gane kalma.

Sai rabawa. Minti 48 ba a tura shi dunƙule ɗaya. Bayan an cire gaishe-gaishen manyan baƙi da shiru, abin da ya saura ya kasu uku da kansa: shanya wake da tsince shi, duba buhu da cikawa da ɗauri, sai ajiya, wato a ɗora a kan katako, nesa da bango, a tsare shi daga ɓera don huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin. Kowane kashi wajen minti 10, wato mega 2 da ɗan kai, ko rezo mai rauni zai ja shi. Kar ka yanka don agogo ya cika minti 10, ka bari sai maganar ta kai ƙarshenta. Akwai inda malamin ya ce "wasu suna zuba maganin ƙwari a cikin buhun", sannan ya yi tari, sannan ya ce "wannan kuskure ne, ba a sa komai". In ka yanke a wurin tarin, kashi na biyu ya ƙare da koyar da abin da malam ya hana, kuma ba ka da tabbacin mutum zai samu kashi na uku.

Wannan ya kawo ni kan wani abu da ake mantawa. Murya in ta bar hannunka ita kaɗai take tafiya, ta Bluetooth, ta Xender, daga mai caji a Kasuwar Dole zuwa kat ɗin wani, rubutun da ka yi a ƙarƙashinta a WhatsApp ba ya bin ta. Don haka kowane kashi ya fara da faɗin wane ne ke magana, a kan me, wane wata da shekara, kashi na nawa cikin nawa. Sakan 20 ya isa. Sunan fishiyen ma ku fara shi da lamba, `01_adana_wake.mp3`, `02_adana_wake.mp3`, don su jeru daidai.

Rubutu kuma, a taƙaice, kar ku kwafe maganar malam kalma da kalma, magana dabam rubutu dabam. Kowane rubutu abu ɗaya zai ɗauka, kuma a layin farko, tunda Facebook na datse dogon rubutu ya bar `Voir plus`, sitatun WhatsApp kuma harafi 700 ne iyakarsa. Ga irin wanda za a cire daga kashi na biyu: "Kowace leda da nata ɗaurin. Ka matse iska, ka murɗe ta ciki ka ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. In ka haɗa su ɗauri ɗaya iska za ta shiga." Ku tuna sau da yawa ɗan lakkal ne zai karanta wa mahaifinsa, toh ku rubuta abin da zai yi daɗin faɗi da baki. In masu karatunku almajirai ne, a rubuta da ajami a farar takarda a ɗauki hoto, shi ma ba shi da nauyi.

Malam a can gefe ya ɗaga hannu, bismillah.

Tambayarsa ita ce, yaya mutum zai san cikon da ya yi ya wadatar. Toh Malam, kai da ka kalli bidiyon ba za ka iya sani ba, domin hoton yana cikin kanka, kunnenka na ji idonka na cikawa. Ka nemi wanda bai taɓa ganinsa ba, ka ba shi buhu da igiya uku da ɗan wake, ka kunna masa kashi na biyu, ka zauna ka yi shiru, kar ka taimaka masa ko da ido. Inda ya tsaya ya dube ka, ko ya ce a mayar baya, rubuta mintin, nan ne ciko ya gaza. Ka gyara, ka gwada da wani mutum dabam, ba shi ba, tunda shi yanzu ya riga ya sani. Kuma gwajin a yi shi da ƙaramar waya a tsakar gida ana hayaniya, ba da abin kunne ba, domin haka za a saurare shi a ƙauye.

Akwai wata tambaya? Ƴar uwa mai jan hijabi, matso da mikro wajenta.