Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Sanar da Ma'aikata Sauyin Lokacin Aiki

"Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a wani kamfanin ruwan leda a Kano, mu arba'in da wani abu. Maigidanmu ya yanke shawarar a riƙa fara aiki ƙarfe 7 na safe a tashi ƙarfe 4, maimakon 8 zuwa 5, saboda an fi ba mu wuta da sassafe, man janareta kuma yana cin kuɗi. Ya ce in rubuta sanarwa. Tun ban rubuta ba har an fara raɗe-raɗin wai za a rage mutane. Yaya zan rubuta ta kowa ya gane ba tare da hankali ya tashi ba?"

Mai gabatarwa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Masu sauraro, wasiƙu kusan irin wannan sun zo mana daga Gusau da Maraɗi da Jos, don haka yau ita za mu fi ba wa lokaci. Muna tare da baƙuwarmu wadda ta daɗe tana aikin kula da ma'aikata. Hajiya, barka da zuwa. Ga tambaya kin ji.

Baƙuwa: Barka kadai, Malam. Kafin in amsa, bari in ce wannan tsoron na ma'aikata ba daga sama ya faɗo ba. A shekarar 2023 da aka cire tallafin man fetur, wurare da dama sun taɓa lokutan aikinsu, har gwamnatocin Kwara da Edo suka rage kwanakin zuwa ofis zuwa uku a mako. Kafin nan Kaduna ta koma kwana huɗu tun watan Disamba na 2021. To waɗannan gwamnati ce, albashi yana nan. Amma a kamfanoni masu zaman kansu, mutum ya sha gani ana fara taɓa lokaci, bayan wata biyu a taɓa albashi, daga nan sai takardar sallama. Ni kaina lokacin da nake...

Mai gabatarwa: Hajiya, agogo yana kallonmu. Me za ta rubuta?

Baƙuwa: To, to. Duk ma'aikacin da ya tsaya gaban allon sanarwa ya ga an ce an sauya lokaci, abu uku yake nema da ido: ƙarfe nawa zan zo, daga yaushe, kuma kuɗina da aikina suna nan? In bai samu ukun nan a layukan farko ba, ba zai karanta sauran da natsuwa ba, wajen maigadi zai je neman bayani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a buɗe takarda da dogon tarihi. "Bisa la'akari da halin matsin tattalin arziki da ƙasa ke ciki, da tsadar kayan aiki, hukumar gudanarwa ta ga ya zama dole..." Wallahi duk wanda ya karanta wannan ya riga ya fara lissafin inda zai nemi wani aiki. Dalili yana da wurinsa, amma a bayan lokaci da rana yake zuwa, kuma jimla ɗaya ta ishe shi.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wanda yanzu ya kunna rediyo. Lokaci, ranar farawa, sannan maganar albashi da aiki. Dalili daga baya. Hajiya ta rubuto mana misali tun daga gida, ga shi zan karanta a hankali, mai biro ya ɗauka.

"Zuwa ga dukkan ma'aikata. Sabon lokacin aiki: ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Daga ranar Litinin ta farkon wata mai zuwa, za a riƙa fara aiki ƙarfe 7:00 na safe a tashi ƙarfe 4:00 na yamma, maimakon 8:00 zuwa 5:00. Hutun sallah da cin abinci yana nan daga 1:00 zuwa 2:00, ranar Juma'a kuma daga 12:30 zuwa 2:30 kamar yadda aka saba. Yawan awannin aiki bai ƙaru ba, albashi bai canza ba, kuma babu wanda za a sallama saboda wannan sauyi. Mun yi haka ne don an fi samun wutar lantarki da safe, za mu rage kunna janareta. Direbobi da masu gadi, shugaban sashenku zai zauna da ku ranar Laraba kan naku jadawalin. Wanda sabon lokacin zai ba shi matsala ya same ni a ofis kafin ranar Alhamis mai zuwa."

Shi ke nan, ba ta ma cika rabin shafi ba.

Baƙuwa: Amma ita a tata takardar ta sa kwanan wata cikakke, da sunan ranar da lambar, kada ta ce "mako mai zuwa". Takarda tana kwana goma a jikin bango, wanda ya dawo daga hutu ba zai san wane mako ake nufi ba. Sannan ka lura kanun takardar shi ne saƙon kansa. Ba a rubuta "Sanarwar Gaggawa" ba, ba a rubuta "Sake Fasalin Aiki" ba. Kalmar sake fasali ma a nisance ta, don a kunnen ma'aikaci ma'anarta kora. Kuma tsohon lokaci da sabo su zauna kusa da juna, mutum ya ƙirga da yatsunsa. 8 zuwa 5 awa tara ne, ka cire awa ɗaya ta hutu saura takwas. 7 zuwa 4 ma haka, awa takwas na aiki. Da ya ga lissafin ya daidaita, rabin tsoron ya tafi.

Mai gabatarwa: Ni wurin da na fi tsayawa shi ne jimlar nan ta "babu wanda za a sallama". Idan fa maigidan yana da wata niyya a ransa?

Baƙuwa: Yawwa, ka zo wurin. 'Yar'uwa, kada ki rubuta wannan jimla sai kin shiga ofishinsa kin tambaye shi baki da baki, ya ce miki e, ya kuma sa hannu a takardar da kansa. In ya yi ta kwana-kwana, ki rubuta abin da kika tabbatar kaɗai, misali albashi bai canza ba, ki tsaya nan. Don in kika yi alƙawari bayan wata guda aka sallami mutum biyar, duk takardar da za ki liƙa nan gaba ta zama ta ƙunshe ƙosai. Amma in gaskiya ce, to a faɗe ta ɓaro-ɓaro. Wasu manajoji suna cewa ai ambaton sallama ma tayar da hankali ne, gara a yi shiru. A inda raɗe-raɗi ya riga ya fita, kamar a kamfanin nan nata, shirun shi ake ɗauka amsa.

Akwai kuma doka. A Nijeriya, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya sa lokutan aiki cikin abubuwan da dole a ba ma'aikaci a rubuce, idan kuma aka sauya, a sanar da shi a rubuce kada a wuce wata ɗaya bayan sauyin. Sashe na 13 ya ce lokutan aiki ana tsayar da su ne ta yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu, ko ta tattaunawa da ƙungiyar ƙwadago, ko ta hukumar tsara albashi. Wanda ke aikin awa shida ko fiye a rana yana da haƙƙin hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Saboda haka in akwai ƙungiya a wurin, shugabanninta su ji tun kafin a liƙa komai.

Mai gabatarwa: Wato doka ta yarda a sanar bayan an riga an sauya?

Baƙuwa: Takardar shaida ke nan, Malam. Amma wanda zai jira sai an sauya sannan ya sanar, rigima yake nema. Ni a ganina mako biyu shi ne mafi ƙanƙanta. Ka duba matar da ke kai yara makaranta bakwai da rabi kafin ta wuce aiki. Ka duba wanda ke tasowa daga Kumbotso ko Dawakin Tofa, wanda yanzu sai ya fita neman mota da an idar da Asuba. Suna buƙatar lokacin da za su shirya da maƙwabta ko mai adaidaita. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne mahaɗar aiki. Maigadin dare in ƙarfe 8 yake miƙa makulli, yanzu wa zai buɗe ƙofa ƙarfe 7? Direban da ke dawo da kuɗin ciniki ƙarfe huɗu da rabi, wa zai miƙa wa bayan akanta ya tashi? Shi ya sa na ware musu layi a takardar. Ta tara shugabannin sassa kwana ɗaya kafin a liƙa, su fito da irin waɗannan, kuma su san amsar da za su bayar idan an tambaye su. Makon farko a ɗaga ƙafa kan makara, a faɗi haka a fili, kada a ja jan layi a rajista tun ranar Litinin. In kwana biyu bayan sanarwa kika ji mutum uku sun yi miki tambaya iri ɗaya, takardar ce ba ta faɗa ba, sai ki ƙara layin ki sake liƙawa.

Mai gabatarwa: Madalla. Sauran sai mu bi su da gudu. Wani daga Zariya ya rubuto: "In na tura a zauren WhatsApp na ma'aikata bai isa ba?" Bai isa ba, ɗan'uwa, haba. Masu shara da leburori nawa ne ke da babbar waya? Ka liƙa a ƙofa, ka faɗa da baki a taron safe, sannan ka tura. Kuma don Allah ban da turawa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, mutane na da hawan jini.

Wata daga Damagaram ta ce: "Da Faransanci muke rubuta takardun ofis." Ki rubuta da shi, ki sa Hausa a ƙasa, lambobin su zama iri ɗaya, wani kuma ya karanta wa waɗanda ba sa karatu.

Sai wani shugaban makaranta daga Bauchi: "Namu na azumi ne kawai." Hajiya, a taƙaice.

Baƙuwa: Ya rubuta ranar komawa tsohon lokaci. Tunda sai an ga wata, ya ce "ranar aiki ta farko bayan hutun ƙaramar sallah", kuma ya ambaci ranar Juma'a daban, don a nan ake samun saɓani kullum. Na tuna wata shekara...

Mai gabatarwa: A ajiye mana wannan labarin sai mako mai zuwa, Hajiya, ga mai karanta labarai ya tsaya a bakin ƙofa yana nuna mini agogo. Mun gode ƙwarai. Wanda bai ji tasa ba ya yi haƙuri, tana nan a jere. Assalamu alaikum.