Gyaran takardar neman sikolashif: cire fahariyar da aka lulluɓe da tawali'u

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga laburaren jami'armu nake magana a nan Ingila, shi ya sa kuka ji na rage murya. Wani ƙanina da ke neman Chevening, wato sikolashif ɗin gwamnatin Birtaniya, ya turo min amsar da ya rubuta a kan tambayar shugabanci, ya kuma yarda in nuna muku yadda muka gyara ta.

Ga ma'anar layinsa na farko: "Duk da ban cancanta ba, ban ma taɓa zato ba, sai ga shi ni na fi kowa maki a sashenmu, har mutane suna cewa an haife ni da shugabanci." To kun ji fa. Ya ce bai cancanta ba alhali takardar gaba ɗaya roƙo ce a yarda ya cancanta, mai karantawa kuwa ya ga irin wannan har ya gaji, nan take zai gane yabon kai ne aka sa wa rigar kunya. Kuma makin nan yana cikin takardar sakamakonsa, maimaita shi ɓarnar wuri ne tunda kalmomin a ƙidaye suke.

Sai na kira shi na ce Malam bar abin da mutane suke cewa, me ka yi da hannunka? Da ƙyar ya tuno cewa a aji uku ya haɗa darasin yamma ga waɗanda suka faɗi lissafi. Mutum 12 suka fara zuwa, kafin sati uku saura 4. Wai shi wannan abin kunya ne bai kamata a rubuta ba, ni kuwa wallahi nan ne labarin yake. Ya bi waɗanda suka daina zuwa ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su, ashe lokacin ne ya ci karo da aikin da suke yi bayan lacca, sai ya mayar da darasin safiyar Asabar, ya kasa su uku-uku, masu zuwa suka koma 9.

Haka muka rubuta shi, yadda ya faru. Babu "ni jajirtacce ne", babu "na sadaukar da rayuwata". Inda ya sa "mun yi" alhali shi kaɗai ya yi, muka mayar "na yi", don shi ake tantancewa. Inda abokinsa ya taimaka kuma muka faɗa. Ya so ya ce duk sun ci jarabawa, na ce ka tabbata? Ya ce bakwai ya sani. Bakwai muka rubuta, domin in aka kira ka intabiyu za a iya tono maganar.

Kai ma ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin duk "duk da", "ban taɓa zato ba" da "mutane suna cewa", ka duba abin da ya biyo baya, in yabo ne goge shi ka sa aikin da ya jawo yabon. Bari in tashi, lacca ta kusa.