Maki 3.8 a Idon Bajamushe da Ba'amurke: Lacca kan Neman Aiki da Digirin Wata Ƙasa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu na zo da su a kan takardar tarihin karatu da aiki, wato sibi, ga wanda ya yi digiri a wata ƙasa yana neman aiki ko ƙarin karatu a wata: siffar takardar, maki, tantance digiri, sai kuma yadda mutum zai gane ko gurbin ma nasa ne.

Na farko, siffa, ba zan daɗe a kai ba. Idan Amurka ko Kanada ko Birtaniya za ka tura, cire hoto, cire ranar haihuwa, cire addini da maganar aure. Dokokin hana nuna bambanci, irin ta Birtaniya ta 2010, sun sa masu ɗaukar aiki ba sa son ganin waɗannan, don kada gobe a ce da su aka yi hukunci. A Jamus kuwa har yanzu da yawa suna sa hoto, ko da yake ba dole ba ne. Tsawo kada ya wuce shafi biyu, sabon mai digiri da ke neman aiki a Amurka ma shafi ɗaya ya ishe shi. Aikin da ka yi na ƙarshe shi ne a sama.

Yanzu maki. Nan ne nake so ku ba ni hankalinku, domin nan ne na fi ganin ana yi wa kai asara ba a sani ba. A ce wata ɗaliba ta gama digirin kimiyyar sinadarai a jami'ar da ke auna maki bisa 5.0, kamar yadda jami'o'i da yawa a Najeriya ke yi, ta fita da 3.8. Sakamako ne mai kyau, daraja ta biyu mataki na sama, wadda ke farawa daga 3.5. Sai ta rubuta 3.8 kawai a sibinta, ba ƙarin bayani, ta tura Amurka, ta tura Jamus.

Ba'amurke ya saba da ma'auni bisa 4.0. Da ya ga 3.8 sai ya ce kai, wannan ai kaɗan ya rage ta cinye duka. Ya kira ta, ya karɓi takardar sakamakon kwasa-kwasanta, ya ga ashe bisa 5.0 ne. Ba ta yi ƙarya ba, amma zuciyarsa ta riga ta ɗarsa cewa an yi masa rufa-rufa. Bajamushe fa? A wurinsu lissafin a juye yake: 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen cin jarrabawa. Shi 3.8 a idonsa ɗaliba ce da ta tsallake da ƙyar. Kun ga, lamba ɗaya, mutum ɗaya, a can gwana, a nan ta sha da ƙyar! Kuna dariya, amma wallahi haka ake ajiye takardar mutum gefe ba tare da an gaya masa dalili ba. Kamar ka ce wa mutum kayanka sun kai ɗari ne, ba ka faɗi ɗarin wane kuɗi ba.

Maganin layi ɗaya ne. Rubuta makin tare da ma'auninsa da darajarsa, yadda suke a takardar jami'arka:

```
CGPA 3.80/5.00, Second Class Upper Division
```

Kuma don Allah, ina maimaitawa, don Allah kada ka juya makin da kanka. Na san dabarar: a raba 3.8 da biyar a ninka da huɗu, a samu 3.04, a rubuta. Ba haka masu tantancewa ke yi ba. Su kwas-kwas suke bi, su duba abin da kowane sakamako ke nufi a ƙasar da aka bayar da shi da nauyin kwas ɗin, sannan su haɗa. Lambarsu tana iya fin taka, tana iya gazawa. Idan ta fi, ka rage wa kanka daraja. Idan ta gaza, ka zama wanda ya ƙara wa kansa maki.

Jami'o'in Jamus da dama suna da lissafin da suke bi, wanda ake dangantawa da jihar Bavaria. Bari in rubuta a allo:

```
x = 1 + 3 × (Nmax − Nd) / (Nmax − Nmin)
```

Nmax shi ne maki mafi girma, Nmin mafi ƙarancin da ake cin jarrabawa da shi, Nd kuma naka. Ɗalibarmu: 5.0 a cire 3.8, saura 1.2. Idan mafi ƙarancin 1.0 ne, a raba 1.2 da 4, a ninka da 3, a ƙara 1, an samu 1.9. Maki mai kyau a Jamus. Amma idan suka ɗauki 1.5 a matsayin mafi ƙaranci, sai ya koma 2.0 da ɗoriya. To idan kwas ɗin ya ce sai mai 2.0 ko wanda ya fi, kun ga wannan ɗan bambancin yana iya zama shi ne shiga ko rashin shiga. Saboda haka yi lissafin a gida don ka san matsayinka, amma a sibi bar ainihin makinka, su yi nasu.

Na nawa muke? Na uku ko? To mu haɗa sauran, lokaci ya tafi. Kafin ka ɓata dare kana gyaran sibi, duba ko an san jami'arka. Jamus na da rumbun bayanai mai suna anabin. Alamar H+ na nufin an amince da jami'ar, amma sai ka sake duba digirin kansa, kuma idan babu shi sai ka nemi takardar tantancewa daga ofishin ZAB. Birtaniya na da nata ofishin tantancewa, UK ENIC. Amurka da Kanada akwai irin su WES, waɗanda ke so jami'arka ta aika musu sakamakon da kanta, ba ta hannunka ba, shi ya sa ake farawa da wuri. Masu neman digiri na biyu a Turai kuma, ku karanta sharaɗin da kyau: suna auna nauyin karatu da ma'aunin ECTS, shekara ɗaya ta karatu ECTS 60 ce, kuma kwas na iya cewa sai kana da adadi kaza a darasin lissafi. Sunan digirinka zai iya dacewa, kwasa-kwasan ciki su gaza.

Ga hannu can. Bismillah, malama.

"Malam, ni aikin jinya na karanta. Idan na samu takardar tantancewar nan, shi ke nan zan iya neman aiki a asibitin Birtaniya?"

A'a, malama, kuma na ji daɗi da kika tambaya. Takardar tantancewa cewa kawai take yi digirinki ya yi daidai da mataki kaza a wurinsu. Ba lasisi ba ce. Jinya, likitanci, haɗa magunguna, duk sana'o'i ne da doka ta tsare. A Birtaniya sai kin yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, wato NMC: shaidar Turanci ta IELTS ko OET, jarrabawar kwamfuta ta CBT, sannan ta aiki a aikace, OSCE, wadda a can ake yin ta. Don haka ke sibinki ya bambanta da na ɗalibarmu mai 3.8. A sama, tun kafin maki, ki rubuta inda kika kai a rajistar: an ci Turanci a wata kaza, an ci CBT, saura OSCE. Sannan ki faɗi sashen da kika yi aiki da yawan gadajen da ke cikinsa. Ki same ni bayan an tashi da takardunki, mu jera su tare.