Kibiya, Rubutu da Tsayar da Hoto a Bidiyon Taitireshan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai 'yan'uwana, barkanmu da warhaka, na gode da kuka bar ayyukanku kuka zo.

Gwaji ɗaya kawai zan ɗauka yau, shi ne taitireshan na asid da bes, wanda ɗalibanmu suke haɗuwa da shi a firatikal ɗin kemistiri na WAEC da NECO. Na zaɓe shi ne saboda abin da ake son ɗalibi ya gani a cikinsa ƙanƙani ne, kuma kafin ƙiftawar ido ya wuce. Duk mun san yadda ake yi a ɗakin gwaji mai buret biyu ko uku: na gaba su gani, na baya su ji labari. Bidiyo yana rage wannan matsala, amma in ka ɗauka ka tura shi haka tsurarsa, yaro zai ga hannu yana juya fulas ne kawai, bai san inda zai ajiye idonsa ba.

Ga gwajin da na ɗauka. A cikin buret akwai HCl mai ƙarfin 0.100 mol/dm³. Na ɗebi NaOH da fifet, 25.0 cm³, na zuba a fulas, na ɗiga metil-oranj ɗigo biyu, ruwan ya zama ruwan ɗorawa. Za a riƙa sakin asid har sai launin ya koma ruwan goro ya tsaya. In an zarce, sai ya yi ja-ja.

Tun kafin a zo ga kibiya, aikin yana gyaruwa ko ya lalace ne a wajen ɗauka. Waya ta zauna wuri ɗaya, ko a kan ƙafarta ko ka jingina ta da tulin littattafai, domin kibiyar da ka ɗora ba ta bin hannu mai rawa. Ka shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin fulas. Sannan a yawancin wayoyi, in ka danna yatsa ka riƙe a kan fulas ɗin, kyamara za ta kulle haske da saiti, wasu ma za su rubuta maka AE/AF Lock. In ba ka kulle ba, duk sanda hannunka ya shiga hoton sai wayar ta sake daidaita haske, launin ruwan ya ɗan sauya alhali asid bai yi komai ba. Kuma kada ka sa wa bidiyon nan wani tacen launi na ƙawa, ko kaɗan. Launin shi ne sakamakon gwajin.

To, yanzu ina za a tsayar da hoto? Bidiyon waya yawanci hotuna 30 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa. Tsayarwa ita ce ka zaɓi ɗaya daga cikinsu ka miƙe shi ya daɗe a kan fuskar waya. A CapCut, manhajar gyaran bidiyo ta waya, za ka taɓa bidiyon a layin aiki, ka kai farin layin nan daidai wurin, ka danna Freeze, sai ya yanka bidiyon ya cusa hoto tsayayye na daƙiƙa uku, wanda za ka iya jan gefensa ya ƙara tsawo. Ka fara buɗa layin aikin da yatsu biyu domin ka iya tafiya hoto bayan hoto, saboda lokacin da ake juya fulas yawancin hotunan dishi-dishi suke fitowa, sai ka lalubo wanda ya fito tas.

Ni wurare huɗu nake tsayarwa a wannan gwaji. Biyu na karatun buret ne, farko da ƙarshe. Biyu kuma na launi ne, kuma a kansu nake so mu ɗan daɗe.

Idan an kusa kaiwa, za ka ga inda ɗigon asid ya faɗa ya yi wani ja kamar an ɗiga zoɓo a tsakiyar ruwan ɗorawa. Ka juya fulas sau ɗaya ko biyu, sai jan ya ɓace. A nan ɗalibai da yawa suke rufe famfon buret su rubuta amsa. Dalilin jan nan shi ne asid ya taru a wuri ɗaya bai gauraya ba tukuna, kuma metil-oranj yana sauya launi ne tsakanin pH 4.4 da 3.1, to wannan ɗan wurin ya faɗa ƙasa da haka na ɗan lokaci, amma sauran fulas ɗin har yanzu akwai ragowar NaOH da zai cinye shi. Wannan shi ne hoton da ya fi kowanne daraja a bidiyon. Na tsayar da shi, na kawo kan kibiya gefen jan, na rubuta: "Bai kai ba. Duba zai ɓace." Sai na saki bidiyon yaro ya ga ɓacewar da idonsa. Rubutun ya gaya masa abin da zai jira, bidiyon kuma ya tabbatar masa.

Tsayarwa ta gaba ita ce ta ainihin wurin da ake rufe famfon buret. Ɗigo ɗaya na buret kusan 0.05 cm³ ne, kuma ɗigo ɗaya ne yake raba ruwan ɗorawa da ruwan goro. Kada ka tsayar a hoton da ɗigon ya faɗa. Ka bari a juya, launin ya game fulas duka, ya zauna, sannan ka tsayar. Bambancin launukan nan biyu ba shi da yawa a fuskar waya, musamman in yaron yana kallo a tsakar gida da rana. Abin da nake yi shi ne in ɗauki hoton fulas na kafin ɗigon ƙarshe, in ɗora shi da Overlay a gefen na bayan ɗigon, su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya an rubuta "kafin", ɗaya "bayan ɗigo 1". Ido ya fi gane launi in ya ga biyun tare.

Game da kibiyar kanta, ina da ra'ayi mai ƙarfi. Kibiya ɗaya a hoto ɗaya. Na ga bidiyoyi da aka sa wa buret suna, fulas suna, famfo suna, ƙarfen da ya riƙe buret suna, duk a lokaci guda, har abin da ake son a gani ya nutse a cikinsu. Sunayen kayan aiki a yi su a farkon bidiyo, ɗaya ya fito ya tafi, wani ya biyo. Kan kibiya ya taɓa gefen abin, kada ya hau kansa ya rufe shi. Launinta fari mai baƙin gefe, domin in ka sa kibiya ja ko ruwan ɗorawa kusa da fulas, ka rikita idon da kake son ya tantance ja da ruwan ɗorawa. Kuma ka sani kibiya ba ta san ruwa yana sauka ba, inda ka ajiye ta nan take zama. In dole sai ta bi saman ruwan buret yana sauka, akwai alamar nan mai kama da lu'ulu'u da ake kira Keyframe: ka danna ta a farko, ka matsa gaba, ka ja kibiyar zuwa sabon wuri, manhajar ta cike tsakani. Amma ta cike ne da gudu iri ɗaya, ruwan kuwa yana sauka da sauri da farko, daga baya ɗigo-ɗigo, saboda haka sau da yawa kibiyar takan riga shi ko ta makara. Ya fi sauƙi kuma ya fi gaskiya ka sa ta a hoton da ka tsayar.

Mu koma karatun buret. A nawa bidiyon farko 0.40 ne, ƙarshe 24.10, asid ɗin da aka ci 23.70 cm³ ke nan. Lissafin ya zama 0.100 × 23.70 ÷ 25.0, wanda ya ba da 0.0948 mol/dm³. Ka matso da waya kusa domin wannan ɗauka, layukan 0.1 su fito, ka ja siririn layi a kwance daidai ƙasan lanƙwasar saman ruwan, wato meniskus, ka rubuta lambar a gefe. Ka ƙara wata 'yar kibiya mai nuni ƙasa da rubutun "lamba na ƙaruwa", saboda sifilin buret a sama yake, kuma yara da yawa sukan karanta 24.10 a matsayin 23.90.

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. A wata makaranta da na koyar, na ɗauki karatun ƙarshe wayar tana sama da saman ruwan, tana leƙowa ƙasa. Da idona na karanta 24.10, shi na rubuta a bidiyon. Washegari wata ɗaliba ta zo da wayar yayarta, ta buɗa hoton da yatsu, ta ce: "Malam, ni 23.80 nake gani." Gaskiyarta. In ka kalli buret daga sama, ƙasan meniskus yana faɗawa kan lambar da ba ta kai ta gaskiya ba. Rubutuna yana faɗin abu ɗaya, hoton yana nuna wani, kuma sauran ajin sun bi rubutun ba su duba ba. Da ta yi lissafi da abin da ta gani, 0.0936 za ta samu. Na sake ɗaukar gwajin gaba ɗaya. Yanzu kafin in ɗauka ina duba manyan layukan buret, waɗanda a buret da yawa suke zagaye gilashin: in na gaba da na baya sun haɗu sun zama layi ɗaya, kyamara ta daidaita, in kuwa sun buɗe kamar zobe, sai in ɗaga wayar ko in sauke ta.

Tsawon tsayawa kuma, ka karanta rubutun da bakinka sau biyu a natse, iyakar lokacin ke nan. Daƙiƙa uku ba sa isar karatun buret, nakan kai shida. Sannan kullum ina sa ƙaramin rubutu a kusurwa: "An tsayar da hoto". Ba tare da shi ba, yaro zai ɗauka jan nan da ya yi rabin daƙiƙa ya daɗe a fulas, sai ya je firatikal yana jiran abin da ba zai tsaya masa ba. Hoton da aka tsayar ba shi da sauti, to nan ne wurin ɗora muryarka da bayani.

Na'am, Malama, ina jin ki.

Malama tana tambaya me ya sa in ta tura bidiyo ta WhatsApp rubutun yake dagulewa. Dalili shi ne WhatsApp yana matse bidiyo domin ya rage nauyi, kuma siraran abubuwa ne suke fara lalacewa, wato layukan buret da ƙananan haruffa. Ki tura shi ta Document, zai isa yadda kika fitar da shi, sai dai zai fi cin data. In ɗalibanki ba za su iya ba, ki ƙara girman rubutun, ki sa masa baƙin bango a bayansa, ki kuma tura hotunan nan huɗu daban a bayan bidiyon. Kafin ki tura wa aji, ki fara tura wa wata ƙaramar waya a gida, ki miƙa wa wanda bai san amsar ba, ki ce ya karanta miki lambar da ke kan buret.