Darasi: Yadda asid ɗin tumbi ke hawowa ƙirji ya zama ciwo

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Darasinmu na yau a kan ƙwannafi ne, irin wanda yake zama wa mutum ciwo, yana dawowa sau biyu ko fiye a kowane mako. Yawancin masu fama da shi za ka ji suna cewa asid ya yi musu yawa. To, in aka auna, da yawansu asid ɗin da tumbinsu ke fitarwa bai fi na kowa ba. Matsalar tana wurin da asid ɗin yake zuwa, da kuma daɗewar da yake yi a can.

Mu fara da asid ɗin. Tumbi yana fitar da ruwan narkar da abinci kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, kuma ƙarfinsa a ma'aunin pH yana tsakanin 1.5 da 3.5. A wannan ma'auni, iya ƙanƙantar lamba iya ƙarfin asid. Shi tumbi bai damu ba, domin bangonsa yana lulluɓe da kauri na yauƙi mai kare shi. Amma bututun abinci, wanda ya taso daga maƙogwaro ya gangara tumbi, tsawonsa kamar santimita 25, ba shi da irin wannan kariya. Da zarar pH na cikinsa ya sauka ƙasa da 4, fatarsa ta fara jin jiki.

A ƙarshen bututun nan, daidai inda ya haɗu da tumbi, akwai zoben tsoka mai tsawon santimita 3 zuwa 4. Ku ɗauke shi kamar bakin jaka mai zariya: a tsuke yake kullum, sai in za a saka abu a sassauta, a sake tsukewa. Idan ka haɗiye loma, zoben yana saki na 'yan daƙiƙu, lomar ta wuce, ya koma ya matse. Kuma ba shi kaɗai yake aikin ba. Faffaɗar tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki tana da huda wadda bututun ya ratsa, kuma gefen hudar yana daidai da zoben, yana ƙara matse shi daga waje. Duk lokacin da ka ja numfashi, ko ka yi tari, ko ka sunkuya, wannan tsoka tana ƙara damƙe wurin. Matsi biyu ke nan a wuri ɗaya.

To ta ina asid yake bi? Ku saurara da kyau, nan ne gundarin darasin. Zoben yana da wani saki na daban wanda ba ruwansa da haɗiya. Idan saman tumbi ya cika ya miƙe, da abinci ko da iska, jijiyoyi suna kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ba da umarni zoben ya saki, tsokar numfashin ma ta sassauta. Wannan sakin yana wuce daƙiƙa 10, ya fi na haɗiya daɗewa. Amfaninsa shi ne iska ta fita, wato gyatsa. Kowa yana yin haka, mai lafiya da marar lafiya. Bambancin shi ne a wurin mai ciwon, sau da yawa ba iska kaɗai ke fitowa ba, har da ruwan asid. Mafi yawan hawowar asid a irin wannan lokaci take faruwa, ko da zoben yana da ƙarfinsa daidai a sauran lokuta.

Bari mu bi mutum ɗaya mu gani. A ce ya ci abinci mai yawa, mai maiƙo, da ƙarfe tara na dare, ya kora da abin sha mai gas, ƙarfe goma ya kwanta. Tumbinsa ya miƙe, saboda haka sakin nan zai yawaita. Maiƙo yana jinkirta fitar abinci daga tumbi, kuma yana rage matsin zoben. Sannan ga wani abu da mutane ba su cika sani ba: bayan cin abinci, sabon asid yana taruwa a saman abincin, bai gauraya da shi ba, yana nan dab da ƙasan zoben. Shi ne zai fara hawowa in an samu saki.

Da yana zaune ne, da abin ya zo da sauƙi. Nauyin ruwan zai mayar da shi ƙasa, ya haɗiye miyau sau ɗaya ko biyu, motsin bututun ya share sauran, miyau kuma yana ɗauke da sinadarin da ke kashe kaifin asid. Amma yanzu yana kwance, kuma mai barci ba ya yawan haɗiya, miyau ma ya ragu. Asid ɗin da zai gushe cikin ɗan lokaci da rana sai ya kwanta a bututun ya daɗe. Ƙarfe ɗaya na dare ya farka ƙirji na zafi, baki da tsami, wani lokaci da tari. Shi ya sa likita zai ce masa ya bar tazarar awa uku tsakanin ci da kwanciya, ya ɗaga kan gadon da santimita 15 zuwa 20, kuma ya kwanta ta gefen hagu, inda mahaɗar bututun take zama a saman ruwan tumbi. Tara matasai ba ya maye gurbin ɗaga gadon, don lanƙwasa mutum yake yi ya ƙara matse ciki.

Abin yana tsananta idan saman tumbi ya zame ta hudar nan ya haura cikin ƙirji. Matsi biyun sun rabu ke nan, zoben yana sama, tsokar numfashi tana ƙasa, asid kuma ya samu wurin maƙalewa a tsakaninsu. Teɓa da juna biyu su ma suna ƙara matsin ciki, su tura ruwan sama.

Idan ana son tabbatarwa, akan zura siririn bututu ta hanci a auna pH na ƙasan bututun abinci na awa 24. In ya kasance ƙasa da 4 fiye da kashi 6 cikin ɗari na lokacin, wato kamar awa ɗaya da minti 26, ciwon ya tabbata. Lokaci ake ƙirgawa, kun gani.

Magunguna irin su omefirazol suna toshe famfon da ƙwayoyin bangon tumbi ke fitar da asid da shi, kuma sun fi aiki in an sha minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, don su tarar da famfon yana aiki. Amma zoben ba su taɓa shi ba. Ruwan yana ci gaba da hawowa, kaifinsa ne ya ragu, shi ya sa zafin ƙirji yake lafawa, amma wani ya ci gaba da jin abinci na dawo masa maƙogwaro, kuma ciwon yakan dawo in an daina shan maganin.

Akwai alamun da ba a zama a gida da su: abinci yana maƙalewa wajen haɗiya, rama ba dalili, aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin. Waɗannan sai an leƙa bututun da na'ura, domin asid na shekaru yana iya jawo gyambo, ko tabon da zai ƙuntata hanyar, ko ya sauya fatar wurin. Ciwon ƙirji kuwa da ya zo da gumi, ko sarƙewar numfashi, ko ya bi hannu ko muƙamuƙi, kada a ce ƙwannafi ne, a tafi asibiti nan take a duba zuciya.