Amsoshin Tambayoyinku: Manhaja ta ce ba ni na rubuta ba

Wata ɗaliba daga Samaru, nan Zariya, ta rubuto mana: "Babi na biyu na furojet ɗina ni na rubuta da kaina. Wata manhaja ta ce kashi 70 aikin ƙirƙirarriyar basira ne, wata ta ce kashi 15. Ƙawata ta ce in yi ta sauya kalmomi har makin ya sauka. In bi shawararta?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. A'a, kada ki bi.

Manhajojin nan ba su ga wanda ya yi rubutu ba, hasashe suke yi. In na ce miki "ruwa ba ya tsami", kin san "banza" ce za ta biyo. To, abin da yawancinsu ke aunawa ke nan: sauƙin cankar kalmar da ke tafe, da kuma ko jimlolin tsawonsu ɗaya. Na'ura na yawan zaɓar kalmar da aka fi tsammani. Amma ɗalibin da ya koyi Turanci a aji shi ma haka yake yi, musamman a babi na biyu, inda kowace jimla ke farawa da "wane ya ce". Kowane kamfani kuma da ma'auninsa da inda ya ja iyaka, shi ya sa makin ya sha bamban.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ake zalunta. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada manhajoji bakwai da rubuce-rubuce 91 na jarrabawar Turanci ta TOEFL, waɗanda mutanen da Turanci ba harshen uwarsu ba ne suka yi. A matsakaici, kusan kashi 61 aka ce na na'ura ne. Da aka sa ChatGPT ya ƙawata kalmomin, zargin ya sauko zuwa wajen kashi 12. Kin ji fa, sai da na'ura ta sa hannu sannan aka yarda mutum ne ya rubuta! Kamfanin OpenAI mai ChatGPT ma ya janye tasa manhajar gano rubutun na'ura a Yulin 2023, wata shida da fitowarta, saboda yawan kuskure.

Sauya kalmomi kan sauko da maki a wata manhajar ya hau a wata, kuma ma'ana ce ke lalacewa. Kalmar fanninki in kika musanya ta da makamanciyarta daga ƙamus, malamin da ke duba aikin zai gane tun a shafin farko, ranar kare furojet kuma ki kasa bayyana jimlar da ba taki ba.

Ki tattara takardun da kika fara zayyana babin a kai, da littattafan da kika ja wa layi, da tsofaffin fayilolin da ke ɗauke da kwanan wata. In a Google Docs kika rubuta, buɗe Version history, zai nuna yadda babin ya ginu rana bayan rana. Ki kai wa malamin, ki roƙe shi ya zaɓi kowane sakin layi ya yi miki tambaya a kai.